Fatawa: Maganin kashe zafi ga marar lafiyar da ke bakin ajali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu yana fama da ciwon daji, likitoci sun ce ya wuce magani. Zafi ya hana shi barci, sai nishi dare da rana. Likita yana so ya sa masa mofin, amma ya gaya mana maganin kan rage numfashi. In muka amince, kuma ya rasu, muna da hannu a mutuwarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba mahaifinku sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Ya halatta ku amince, ɗan'uwa, bisa sharuɗɗan da za mu ambata. In shi yana cikin hayyacinsa, izininsa ne kan gaba.

Asalin mas'alar shi ne bambanci tsakanin cutar da mutum ya nufa da wadda ya hango kawai tana iya biyo bayan aikinsa. Masana falsafar ɗabi'a suna kiran wannan ƙa'idar aiki mai sakamako biyu, suna jingina tushenta ga malamin Kirista Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, inda ya yi magana kan wanda ya kashe maharinsa wajen kare kai. Mu kuwa madogararmu hadisin Umar (RA) ne da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa ayyuka suna tare da niyya, da ƙa'idar fiƙihu cewa ana yafe wa abin da ya zo a biye abin da ba a yafe masa in shi aka nufa.

Ɗauki wanda ɓarawo ya afka wa da wuƙa. Ya ture shi don ya tsira, ɓarawon ya faɗi ya mutu. Tsira ya nufa. Amma in ɓarawon ya yar da wuƙar ya juya da gudu, shi kuma ya bi shi ya sare shi, ba sauran batun kare kai.

Ta yaya ake gane niyya, alhali tana zuciya? Ka yi wa kanka wannan tambaya: in zafin ya lafa, mahaifinku ya ƙara wata uku a raye, buƙata ta biya ko ba ta biya ba? Wanda sauƙi yake nema zai yi hamdala. Wanda zai ji cewa maganin bai yi aiki ba, mutuwa ya nufa, ko da bakinsa yana cewa tausayi ne.

Niyyar likita ma tana bayyana a adadin da ya rubuta. Ga wanda bai saba da irin maganin ba, akan fara da kaɗan, kamar miligiram 2.5 zuwa 5 ta baki kowace awa huɗu, a duba yadda jiki ya karɓa, sannan a ƙara sannu a hankali gwargwadon sauran zafin. Da zafi ya kwanta, ƙari ya tsaya. In an bi wannan hanya, da wuya mofin ya gaggauta mutuwa, kuma yawancin fargabar iyalai ta fi haɗarin girma. Alamomin an wuce iyaka sanannu ne: barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, numfashi ya yi ƙasa da takwas a minti. Ganin haka, a kira likita nan take. Akwai maganin da ke warware tasirin mofin, nalokson. Wanda kuwa ya ɗura adadi mai yawa lokaci guda ba tare da la'akari da zafin ba, ya mai da mutuwa hanyar kawar da zafin. Wannan kisa ne, haramun ne, ko da marar lafiyar ne ya roƙa, domin Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kanku.

A nan mutane da yawa suke zamewa, su ɗauka cewa "ban nufa ba" tana wanke komai. Ba haka ba ne. A Suratul An'am, aya ta 108, an hana zagin abin bautar mushirikai domin an hango za su rama da zagin Allah, alhali mai zagin bai nufi haka ba. Cutar da aka hango ana ɗora ta a ma'auni: sai maslahar ta rinjaye ta, kuma babu wata hanya mafi sauƙin illa. Zafin da farasitamol zai kwantar ba a kai shi ga mofin. Rashin nufi kuma yana ɗauke zunubin ganganci ne, ba ya ɗauke lamuni in an yi sakaci. Shi ya sa kisan kuskure yake da diyya da kaffara. Likitan da ya san aikinsa, ya sami izini, ya bi ƙa'ida, babu lamuni a kansa, ku ma babu laifi a kanku.

Ku roƙi likitan ya nemi adadin da zai kwantar da zafin ya bar mahaifinku a farke gwargwadon iko, don ya yi salla yadda ya sawwaƙa, ya yi wasiyya, ku laƙƙana masa kalmar shahada. In zafin ya ƙi lafawa sai da abin da zai sa shi barci, hakan ma ya halatta saboda lalura.

Wallahu a'alam.