Sa'a, tsara, da Juma'ar da ake gane wa tun daga Laraba

Wani mai karatu daga Birnin Kebbi ya rubuto: "Malam, barka da aiki. An tace yara don gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 13, aka ajiye ɗana, haihuwar Disamba 2012. Na ce wa kocin waɗanda ya ɗauka sun girme shi, ya ce duk sa'o'in juna ne, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mene ne ainihin ma'anar sa'a, ina bambancinta da tsara, kuma karin maganar nan ta dace da wurin?"

Barka kadai, Malam. Mu fara da kalmar, don a nan kocin ya fara zamewa.

A rubuce sa'a ɗaya ce, a baki biyu ce. Akwai wadda ake jan gaɓarta ta farko, ta lokaci da ta dace, wadda muka aro daga Larabci, kamar a ce "ya taki sa'a". Akwai kuma wadda ake faɗa a gajarce, wato wanda kuka zo duniya kusan lokaci ɗaya, jam'inta sa'o'i. Wannan ta biyun ba da kalanda Bahaushe yake auna ta ba. Sa'anka shi ne wanda aka goya ku damina ɗaya, aka yi muku kaciya hunturu ɗaya, kuka fara gwada azumi tare. Ratar shekara ɗaya ko fiye ba ta hana a kira ku sa'o'i. Tsara tana ɗaukar wannan ma'ana, amma a kunnena ta fi karkata wajen awo. Idan yaro ya tsokani wanda ya fi ƙarfinsa aka ce masa "wannan ba tsaranka ba ne", ba wanda ya tambayi ranar haihuwa, ƙirji da damtse aka duba. Saboda haka kocin bai yi kuskuren Hausa ba da ya kira su sa'o'i. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk sa'o'i tsararraki ne a filin ƙwallo.

Bari mu yi lissafin a kan ɗanka. A ce dokar gasar ita ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2012 zuwa gaba ya cancanta, kuma an yi tacewar a ƙarshen Maris 2025. Yaron da aka haifa 10 ga Janairu 2012 yana da wata 158 a duniya ranar nan. Wanda aka haifa 20 ga Disamba 2012 yana da wata 147. Wata goma sha ɗaya ke nan tsakaninsu. Ga ni da kai wannan ba komai ba ne, ko gaisuwa ba za ta canja ba. Amma yaro namiji kafin balaga yana ƙara kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara, idan kuma ya shiga ganiyar miƙewa, wajen shekara 13 zuwa 14, yakan ƙara kusan 9 ko 10. To na Janairu yana iya kasancewa ya taka wannan matakin, murya ta fara buɗewa, kafaɗa ta fara faɗi, na Disamba kuwa har yanzu wandon bara yana yi masa daidai. Ka jefa ƙwallo tsakaninsu a filin rairayi. Babban zai riga isa, zai sa kafaɗa ya ture, bugunsa zai fi nisa. Koci yana gefe da usur a wuya, yana da yara sittin da yamma ɗaya tak, sai ya rubuta sunan wanda ya ci ƙwallon. A zuciyarsa baiwa ya gani, alhali abin da ya auna watanni ne.

Abin ba a Kebbi ya fara ba, kuma an daɗe da gano shi. A 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka duba ranakun haihuwar 'yan wasan hoki na ƙanƙara, inda ake yanke shekara daga 1 ga Janairu. A manyan ƙungiyoyin matasa suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari haihuwar Janairu zuwa Maris ne, na Oktoba zuwa Disamba kuwa kusan kashi 10 kacal. Da a ce wata ba ya tasiri, da kowane kaso ya tashi da kusan 25. Kada wani ya ce sanyin Janairu ke ƙarfafa ƙashin jariri. A Ingila, inda shekarar makaranta da ta ƙwallon yara take farawa 1 ga Satumba, 'yan Satumba zuwa Nuwamba ne suka cika makarantun horar da 'yan ƙwallo. A Beljiyam kuma, da aka mayar da ranar yankewa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Janairu a 1997, sai rinjayen ya tashi daga 'yan Agusta ya koma kan 'yan farkon shekara. Inda aka ja layi, nan falalar take sauka. Idan ana neman sunan da za a kira abin da Hausa, ni dai ina ce masa tasirin ratar watanni.

Yanzu karin maganar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta tana nufin abin kirki yakan nuna alama kafin ya iso. Magana ce mai kyau, amma dubi ranakun da Bahaushe ya zaɓa. Bai ce tun daga Asabar ba. Laraba ya ce, kwana biyu kacal kafin Juma'a, lokacin da alamu suka riga suka nuna. Ɗan shekara 12 da ake yi wa hasashen abin da zai zama yana ɗan 20 ko Lahadi bai kai ba.

Akwai kuma wani wurin da karin maganar ta kasa ɗaukar kayan da aka ɗora mata, kuma shi ya fi damuna. Mai duban Laraba ɗan kallo ne, ganinsa ba ya ƙara wa Juma'a komai. Koci kuwa hannunsa na cikin abin. Yaron da ya ɗauka zai riƙa atisaye, mu ce kwana huɗu a mako, awa ɗaya da rabi kullum. Awa 6 ke nan a mako, a mako 40 ya tara awa 240 a gaban mai gyara masa tsayuwa da bugu, yana karawa da gwanaye, ana kiran sunansa. Wanda aka ajiye ya koma ƙwallon layi da silifas a matsayin raga, ko ya haƙura gaba ɗaya. Baɗi idan aka sake tacewa, na farkon ya fi shi da gaske, ba a jiki kaɗai ba, har a ƙafa. Sai kocin ya ce, "Ba na faɗa ba?" Shi ya shuka, shi ya yi ban ruwa, sannan ya tsaya yana yaba idonsa. Wannan ne ya sa rinjayen ba ya gushewa ko bayan yaran sun kamo juna a tsawo, domin na ƙarshen shekara da yawa sun riga sun bar fili.

Da ni ne a bakin filin nan, karin maganar da zan mayar masa ita ce: wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mutane kan kawo ta don girmama na gaba, kuma daidai ne. Amma ka saurari kalmar da ke cikinta sau biyu: riga. Ba a ce ya fi ka ba. Riga maganar jeri ce, wa ya zo farko, fi kuma maganar daraja ce.

Sai dai kada ka tafi wurinsa da zargi, tafi da takarda. Ku jera sunayen waɗanda aka ɗauka da watannin haihuwarsu, ku kasa shekara huɗu, wata uku-uku. Idan yara 20 ne, abin da ake tsammani kusan biyar-biyar ne. Idan kuka ga 9, 6, 3, 2, to akwai abin dubawa. Ƙungiya ɗaya ta yi kaɗan a yanke hukunci a kanta, ko dace ma yana iya kawo haka, don haka a haɗa da na bara da na wasu unguwanni. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu musamman. Yara da yawa a wajenmu ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sai takardar rantsuwa ta kotu da aka yi daga baya, kuma idan uba bai riƙe ranar ba sau da yawa 1 ga Janairu ake rubutawa. Waɗannan a ware su gefe, in ba haka ba lissafin zai nuna Janairu ya cika alhali biro ne ya cika shi. Wanda aka rage wa shekaru kuma wata matsala ce daban, ita ce ta sa FIFA ta kawo hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Hoton nan ba ya gane ratar watanni, ba don ita aka yi shi ba. Ka kuma sani wata ba shi kaɗai ke yanke girman jiki ba. Wani ɗan Disamba yakan balaga da wuri ya kere na Maris, ga gado, ga abinci.

Maganin da ya fi burge ni ba ya cin kuɗi. A Holan an gwada sa wa yara riguna masu lamba bisa jerin haihuwa, babba lamba 1 har zuwa ƙarami, aka gaya wa masu zaɓen ma'anar lambobin, sai karkatarsu zuwa ga manyan ta gushe. Alli ko ƙyalle da allura ya isa a yi wannan a kowane fili a Birnin Kebbi. A Ingila kuma an shirya wasanni inda ake haɗa yara bisa matakin girman jikinsu maimakon shekarar haihuwa. Da na fara jin wannan dariya na yi, don ina yaro a ƙauyenmu ta wajen Ƙaura Namoda, idan kaka ta yi aka fito kokawa a farin wata, babban da ke tsakiyar da'ira ba ya tambayar shekarun kowa. Zai kamo hannunka ya tsayar da kai kafaɗa da kafaɗa da wani, ya ja baya ya duba, in bai gamsu ba ya ce, "Koma, a kawo masa tsaransa."

Ka roƙi kocin ya sake gwada ɗanka cikin 'yan Yuli zuwa Disamba kaɗai, ya kalli yadda yake tare ƙwallo, da ko yana ɗaga kai kafin ta iso shi, da inda yake tsayawa idan ba ta ƙafarsa. Ya kuma sake kiransa bayan wata shida.