Na saka farashin da ba shi ba a Instagram, ya zan yi gyara?

Tambaya: Salam. Ina saida abaya a Kano. Jiya da daddare na ɗora fostin na rangwamen Sallah, yarinyata ta rubuta ₦25,000 a jikin hoton alhali ₦35,000 ne, sai da safe na lura, har mutum uku sun turo kuɗi. In goge kawai in yi shiru ko ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki goge ki yi shiru, don wallahi tun cikin daren nan wasu sun ɗauki sikirinshot sun tura gurup ɗin 'yan uwa a WhatsApp, wannan kuma babu yadda za ki janyo shi. Abin da ya rage miki shine ki fitar da gyara wanda shima zai iya yawo kamar yadda kuskuren ya yi yawo.

Instagram baya bari a canja hoto bayan an ɗora, rubutun ƙasa kawai ake gyarawa ta Edit, tunda kuɗin a jikin hoton yake to gyaran kafshan shi kaɗai ba zai wadatar ba, mutane da yawa ko karanta shi ba sa yi. Ki danna Archive a kan tsohon, zai ɓace daga shafinki amma kwament ɗin mutane suna nan a ajiye, za su miki amfani in gardama ta taso kan wa ya yi magana yaushe. Sai ki haɗa karusel, wato hotunan nan da ake jerawa a fostin ɗaya ana ja gefe. Ana iya jera har 20 amma ke uku sun ishe ki.

Na farkon shine komai. Kuskuren da nake yawan gani shine a cika shafin farko da "SANARWA TA MUSAMMAN, ja gefe ka gani", ko doguwar ban haƙuri, sai a shafi na huɗu a faɗi farashin gaskiya, alhali mai wucewa da yatsa a cikin adaidaita ba za ta ja ba, ta wuce da 25 ɗin nan a kanta, gobe ta zo shago da ita a hannu. Ki saka hoton abayar nan dai, ita ɗin da suka gani jiya don su gane wacce ake magana, a sama ki rubuta GYARA, a ƙasa da manyan lambobi ₦35,000, da kwanan wata ƙarami a gefe. In aka yanki wannan shafin shi kaɗai aka tura wa wani, ya kamata ya fahimci komai ba sai ya ga sauran ba.

A na biyu za ki ambaci kuskuren, sau ɗaya, da ƙananan rubutu: "A fostin ɗin jiya mun rubuta ₦25,000, kuskure ne daga gare mu, ku yi haƙuri. Farashin ₦35,000 ne." Iyakar ban haƙurin kenan. Kar ki ƙawata tsohuwar lambar da jan kala, ido abin da ya fi girma yake riƙewa. Kuma don Allah kar ki ce yarinyar shago ce ta yi, shafin naki ne, kwastoma bata san ta ba, zai zama kamar kina neman wanda za ki ɗora wa laifi ne.

Na uku na waɗanda suka riga suka biya ne, kuma kafin ki ɗora shi ki yanke shawara. Mutum uku, dubu goma goma, asarar ₦30,000 kenan. Ni a ganina ki ba su a yadda suka gani in jarinki zai ɗauka, don sun biya da zuciya ɗaya. In ba zai yiwu ba ki kira kowacce da kanki kafin fostin ya fita, ki ba ta zaɓi ko ta cika ko ki mayar mata da kuɗinta a ranar, kar ta fara jin labarin a bainar jama'a. Sai ki rubuta a shafin ƙarara: wanda ya biya kafin ƙarfe kaza na yau ga yadda za a yi, bayan haka sabon farashi. Sa'ar nan ki rubuta ta, in ba haka ba zuwa la'asar za ki ga alat na 25 yana ta shigowa kowa na cewa shi jiya ya gani.

Kafin ki danna, ki ba wani daban ya karanta lambobin da ƙarfi, gyaran da ya zo da nasa kuskuren ya fi na farko ciwo. In ya hau ki maƙala shi a saman shafi, Instagram na barin guda uku, ki kuma tura shafin farko a Story da sitatus na WhatsApp, duk inda tsohon ya bi. Su awa 24 suke yi su sauka, to ki sake ɗorawa gobe da jibi.