Yaushe Ya Kamata A Tura Saƙon Tunatarwa Kafin Taro?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Muna da taro a Kano ranar Asabar ƙarfe 10 na safe, wasu daga Kaduna da Abuja za su taho. Sau nawa zan tuna musu, kuma yaushe?

Amsa: Malam sakatare, sau uku ya wadatar, amma kowane saƙo da aikinsa. Kafin ka tura, tambayi kanka: wace shawara mutum zai yanke idan ya karanta? Ita ce za ta nuna maka lokacin.

Na farko na matafiya ne. Mutumin Abuja sai ya nemi izini a wurin aiki, ya tanadi kuɗin mota, ya san inda zai kwana, don haka ka ba shi mako biyu. Imel ya dace a nan, tunda zai ɗauki jadawali. Ka sa shi a zauren WhatsApp ma, ka danna Pin ka zaɓi kwana 30, kada gaisuwar safe da barka da Juma'a su binne shi.

Na biyu shi ne mai nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ranar Laraba bayan Isha'i, lokacin da mutane suka natsu suka kunna data, ka nemi mai zuwa ya rubuta sunansa a zauren WhatsApp kafin Alhamis da Azahar. Dalilin Laraba kuwa, mai abinci da mai hayar kujeru suna son adadi kafin su shiga kasuwa, kai ma kana bukatar kwana ɗaya na bin waɗanda suka yi gum. Ka duba Info na saƙon da safiyar Alhamis. Wanda saƙon bai ma isa wayarsa ba, ba rainin hankali ba ne, data ce babu. Kira shi kawai.

Na ƙarshe, Juma'a bayan Magariba, ta tes, domin tes ba ruwansa da data. Kada ka bari sai safiyar Asabar, wanda zai taso daga Kaduna ya riga ya hau hanya. Rana, lokaci, wuri da alamar da za a gane shi, shi ke nan. Kada ka rubuta “gobe” kawai, ka ce Asabar, saboda wani sai gari ya waye zai buɗe.

Idan ta kamfanin tura tes da yawa za ka bi, gwada da lambarka tun ranar Alhamis. Layin da aka sa wa DND, wato tsarin hana saƙonnin talla, yakan toshe irin waɗannan saƙonni. Sannan tes ɗaya harafi 160 ne, amma da ƙ ko ɗ ta shiga sai ya koma 70, kuɗinka ya ninka.