Gidanmu ba lamba, ɗan aike kullum sai ya ɓata

Tambaya: Malam, ina sayen kaya ta waya, amma layinmu ba suna, gidanmu ba lamba. Duk mai babur ɗin da zai kawo saƙo sai ya yi ta bulayi, katina ya ƙare a kira. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Ɗorayi, Kano.

Amsa: Hajiya, raba aikin gida biyu. Taswirar waya ta kawo shi bakin layi, kira kuma ya ƙarasa da shi ƙofar gida.

Ki fito ƙofar gida tukuna, ko ki aiki yaro da wayar, domin a cikin ɗaki rufin kwano da bango suna tare siginar tauraron ɗan'adam, sai alamar ta faɗa bayan layi. Ki buɗe hirarku a WhatsApp, ki taɓa alamar haɗa fayil, ki zaɓi Location. A ƙarƙashin "Send your current location" za ki ga lamba da mita, wato iya nisan da alamar za ta iya kauce wa inda kike. Kada ki yi gaggawa. Idan ta nuna mita 100, ki ɗan dakata har ta sauko kusa da 10 ko 20, sannan ki tura. A unguwa mai lunguna, mita 100 layi biyu ne ko uku. Shi kuwa "Share live location" wayarki yake bi, kina tafiya unguwa da ita ɗan aiken zai bi ki can.

Sai kwatance. Ki rubuta masa tun kafin ya taso, ki fara daga wurin da kowa ya sani, misali: "Daga gidan man bakin titi ka shiga layin da ke kallonsa, ka wuce masallacin Juma'a, kwana ta biyu ka yi yamma, gida na uku bayan taransifoma, baƙar ƙofa." Ki lura na ce yamma. Hagu da dama suna juyewa idan ya ɓullo ta ɗaya bakin layin. In bai gane yamma ba, ki ce masa masallacin ya kasance a hannunsa na dama. Kuma ki zaɓi abin da ba ya tashi. Mai shayi ba alama ba ne, da azahar babu shi babu teburinsa.

Idan ya kira ya ce ya ɓata, kada ki sake karanto kwatancen daga farko. Ki ce ya tsaya ya kashe babur, sannan ki tambaye shi, "Me kake gani a gabanka?" Daga abin da ya faɗa za ki ɗora, kwana ɗaya ɗaya. Ki kuma ba shi sunan da maƙwabta suka san gidan da shi, kamar gidan mai markaɗe, don sunan da ke kan kwalin kaya ba lallai yaran layi su san shi ba.

Kwatancen da ya yi aiki ki adana shi tare da hoton ƙofar gidan, gobe turawa kawai za ki yi.