Sunan mujallar ɗalibai: rajistar CAC ba ta mallaka maka "Fasahar Mako" ba

Wani malamin sakandare daga wani ƙauye a yankin Ringim ya aiko mini da tambaya. Wata biyar ke nan yana fitar da 'yar mujalla mai shafi biyu duk Asabar, yana koya wa ɗalibai abubuwa irin su cike fom ɗin JAMB a waya da gane saƙon 'yan damfara. Yana turawa ta WhatsApp, ya kuma buga kaɗan ya liƙa a allon makaranta. Ya sa mata suna "Fasahar Mako" don kowa ya gane abin da ke ciki, har ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sai ga wani matashi a garin da ke maƙwabtaka da su ya fito da "Fasaha a Mako". Malam yana so ya kai ƙara.

Malam, ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan labarin da ka ba ni. Amma ina jin ka ɗora wa takardar CAC kayan da ba nata ba. Rajistar sunan kasuwanci a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 shaida ce cewa kana harka da wannan suna, kuma galibi hukumar ba za ta yi wa wani rajistar irinsa sak ba. Ba ta zama katangar da ta kewaye kalmomin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma rubutunka take karewa, wato idan matashin ya kwashi darasinka ya manna a tasa, wannan magana ce daban. Suna mai kalma biyu kuwa, da wuya ta rufe shi.

Abin da ke mallaka suna shi ne rajistar alamar kasuwanci a ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, a aji na 16 idan bugawa ake yi a takarda, ko na 41 idan ta intanet ake karantawa. To a nan gizo ke saƙar. Dokar alamar kasuwanci ba ta son kalmar da ke bayyana irin kayan kai tsaye, sai in an nuna jama'a sun daɗe da sanin ta da mutum ɗaya. Mai ƙosai ba zai yi rajistar "ƙosai mai zafi" ya hana sauran matan layi faɗa ba. "Fasaha" da "mako" haka suke: duk mai rubutu kan fasaha mako-mako yana da buƙatarsu. Abin da ya sa sunan ya yi maka daɗi, shi ne ya raunana shi.

Saura ƙarar sojan gona, wato ka ce yana fakewa da sunanka. Sai ka nuna sunan ya kafu a kanka, cewa mutane sun ruɗe, kuma ka yi asara. Akwai ɗalibin da ya tura masa tambaya yana zaton kai ne? Akwai mai shagon cajin waya da ya kai masa tallar da ya yi niyyar ba ka? In akwai, ajiye hoton saƙon da kwanan wata. In babu, da wata biyar da mujallar kyauta, ba zan ce ba za ka ci ba, amma ni ba zan sa kuɗina a kai ba, kuma kuɗin motar zuwa Dutse ranar zama kaɗai zai buga maka fitowa da yawa.

Shi ma yaron, gaskiya, bai kyauta ba. Mai ƙara "a" ɗaya a tsakiyar sunan wani ya san abin da yake yi. Ku zauna gaban shugaban makarantarku ko dagaci, ku rubuta yarjejeniya ta rabin shafi: ba zai yi amfani da launinka da tsarin shafinka ba, kuma zai rubuta sunansa a sama.

Ni da zan ba ka shawara, raba aikin kashi biyu. Suna ya yi ishara, layin da ke ƙasansa ya yi bayani. Misali "Tsani", a ƙasa kuma "fasahar mako don ɗalibai", ko "Burtali", tunda kowane ɗan ƙauye ya san hanya ce da aka ware don a wuce. Irin wannan ya fi samun karɓuwa wajen rajista, ko da yake sai an bincika ko wani ya riga ka, a CAC da rajistar alamomi da kuma shafukan sada zumunta. Kauce wa sa sunan makarantarku ko na JAMB ko wani kamfanin waya, kada a ɗauka da yawunsu kake magana.

Idan ofishin rajistar alamomi ya karɓi sunan, za a buga a mujallarsa a jira wata biyu ko akwai mai ja. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Kafin nan, ka yi fitowa huɗu ko biyar da sabon sunan a sama, da "wadda kuka sani da Fasahar Mako" a ƙasa, ka adana kowace fitowa da kwananta.