Farin rubutu a cikin CV

«Maigida, wani mai neman aikin akanta ya ce in kwafe duk sanarwar aikin in liƙa ƙarƙashin CV ɗinsa da farin launi, wai na'ura za ta ɗora shi a gaba. In yi masa?»

Kada ka yi, ɗana. Buɗe takardar ka danna Ctrl+A, ga rubutun nan ya fito fili. Yanzu kwafe duka ka zuba a Bloc-notes, manhajar rubutu zalla ta kwamfuta. Kusan haka manhajojin ɗaukar ma'aikata irin su Workday da Taleo ke yi wa takarda: su zare rubutu zalla, su bar launi da girman harafi, su rarraba shi gidan suna, gidan karatu, gidan aikin da aka yi. Mai tantancewa na iya buɗe wannan shafin, ya tarar da sanarwar da shi kansa ya rubuta a ƙarƙashin sunan mutuminka. Wanda ke son a damƙa masa kuɗin ƙungiya ya fara da ɓoye-ɓoye, wa zai kira shi?

A nan Damagaram kuma takardu da yawa a ambulan ake kai su. Farin rubutu kan farar takarda ba abin da zai tsinana.

Cusa kalma ɗaya sau goma ma ba riba. Idan mai tantancewa ya nemi kalmar Sage, sunan wata manhajar lissafin kuɗi, a cikin takardun, sau ɗaya ya isa takardar ta fito. Sabbin manhajoji suna duba inda kalmar ta zauna: a wane aiki, daga wace shekara zuwa wace. Kalmar da ke rataye ita kaɗai a gindin shafi ba ta da nauyi, wani lokaci ma takan faɗa gidan da ba nata ba ta hargitsa bayanan.

Zaunar da mai neman aikin ka tambaye shi layi-layi. A ce sanarwar na neman Excel da Sage, shi kuma ya riƙe kuɗin wani shago a Kasuwar Dole daga 2021 zuwa 2023, yana shigar da cinikin kullum a Excel. Sai ka rubuta ƙarƙashin wannan aikin, da kalmar da sanarwar ta yi amfani da ita:

```
Caissier, 2021-2023 : suivi journalier des ventes sur Excel
```

In bai taɓa Sage ba, kada ka sa. A aikin akanta sau da yawa akwai jarrabawa, a ajiye masa na'ura a ce ya shigar da rasit, minti kaɗan asiri ya tonu. In ya yi kwas a kai, sa shi a gidan karatu da shekararsa.

Kafin ka miƙa, fitar da PDF daga Word kai tsaye, ban da hoton sikana, don wasu manhajojin ba sa karanta hoto. Sake zuba shi a Bloc-notes ka ga ko layukan sun bi juna daidai. In ya nace sai farin rubutu, turo mini shi mu yi magana.