Tambayi Likita: Kumburin Sharaɓa Bayan Doguwar Tafiya

Likita, na dawo daga Umara ƙafafuna biyu sun kumbura, amma ba ciwo. Hajiya, daga Zariya.

Hajiya, yawanci ruwa ne ya taru saboda dogon zama. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, zai saɓe cikin kwana biyu. In bai saɓe ba, ko ɗaya ta fi ɗaya, ki je asibiti.

Na taho daga Legas zuwa Kano a mota, kwana muka yi a hanya. Yau kwana uku sharaɓata ta hagu ta kumbura, tana zogi, ga ɗumi. An ce wani abu na taka, a kira wanzami ya yi ƙaho. Ɗan kasuwa, daga Kano.

Alhaji, don Allah kada wanzami ya taɓa ƙafar nan, kada kuma a yi mata tausa ko gashi. Ka tafi asibiti yau ɗin nan.

Tsokar sharaɓa ce ke tura jini sama zuwa zuciya duk lokacin da mutum ya taka. Idan aka yi zaman da ya wuce awa 4 ƙafa a lanƙwashe, jinin sai ya kwanta a manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka, har ya iya daskarewa ya zama guda. Kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya bayyana, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da tafiyar.

Abin da nake tsoro shi ne gudan ya ɓalle, ya bi jini ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Wannan kan kashe mutum farat ɗaya. To, ina dalilin murza ƙafar da ke ɗauke da irin wannan? Ƙaho kuwa jinin fata kawai yake zuƙa, ba ya kai wa inda gudan yake, sai dai ya bar maka rauni.

A asibiti za a auna kaurin sharaɓa biyun. Bambancin da ya wuce santimita 3 yana ƙara zargi, amma hoton jijiyoyin ƙafa ne zai tabbatar, domin ciwon tsoka ko ƙwayar cuta a fata ma kan yi kama da haka. Idan gudan jini ne, za a ɗora ka a kan maganin hana daskarewar jini, galibi na aƙalla wata 3.

Idan numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji ya soke, ko ka yi tari da jini, ko jiri ya ɗebe ka, a kai ka sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.

In sha asfirin ya wadatar?

A'a. Asfirin ba ya maganin gudan da ya riga ya samu. A je a duba ƙafar.

Ina da ciki wata 6, zan je Maraɗi biki. Akwai matsala?

Mai ciki da mai jego jininsu ya fi saurin daskarewa. Ki fara ganin likitanki. A hanya ki riƙa motsa idon sawu, ki sha ruwa, ki sauka ki taka duk inda mota ta tsaya. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sai asibiti.